Tambayar jarrabawar baka a cikin misali take, ba a kan babi ba

Da zarar jarrabawar baka ta matso, sai ka ga ɗaliban shekarar ƙarshe sun buɗe littattafan darasi suna mayar da kowane kan babi tambaya: mene ne aikatau, mene ne karin sauti. A ganina wannan ɓata lokaci ne. Malamin da ya karantar da kai shekara uku ya san ka iya haddace ma'ana. Abin da yake son ji shi ne yadda za ka yi da kalma idan ya jefo maka ita, don haka daga misalan da ya rubuta a allo ya kamata a ciro tambayoyi.

Mu ɗauki darasin rukunan aikatau guda 7 da Parsons ya tsara a 1960. A ƙarƙashin rukuni na 2, littafin ɗalibi kan ƙunshi layi uku kawai: ya saya, ya saye shi, ya sayi doki. Tambayar farko da ke kwance a nan ita ce: me ya sa wasalin ƙarshe yake sauyawa? Amsar baka ba ta bukatar wuce rabin minti: "Abin da ya biyo bayan aikatau ne ke zaɓar wasalin. Idan karɓau bai biyo ba, a ƙare da a mai tsawo. Gaban wakilin suna, e mai tsawo. Gaban suna, i gajere. Haka ɗauka take yi: ya ɗauka, ya ɗauke shi, ya ɗauki kaya." Doka ta zo a jimlar farko, misali ya biyo, kuma misalin ba wanda malam ya bayar ba ne. Wannan sabon misali shi ke raba wanda ya fahimta da wanda ya haddace.

Sai dai mai jarrabawa ba ya tsayawa nan, kuma tambaya ta biyu ce ke kayar da mutane. Zai iya cewa: "Ai saye rukuni na 4 ne, ko ba haka ba?" A rubuce kalmomin biyu ɗaya suke, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. A baki kuwa sun bambanta. Saye ta rukuni na 2 tana farawa ƙasa ta hau sama, wakilin sunan da ya biyo ta ya sauka. Ta rukuni na 4 tana farawa sama ta sauko, wakilin sunan ya hau, ma'anarta kuma saye abu duka, ba a bar kome ba. Ɗalibin da ya yi bitarsa da ido kaɗai zai faɗi dokar daidai, sa'an nan ya furta misalan biyu da murya guda, ya rushe amsarsa da bakinsa. Maganin wannan shi ne ka furta su ga abokin karatu ba tare da ka gaya masa wadda kake nufi ba. In ya kasa rarrabewa, amsar ba ta nuna ba tukuna.

Akwai tambaya ta uku, wadda ke tasowa idan an haɗa littafi biyu. Sa sata a gurbin saya, sai ka samu ya sace shi, ya saci akuya. Daga ina c ta fito? Amsar tana darasin tsarin sauti: t takan koma c gaban i ko e, kamar yadda mota ta ba da motoci. A nan wajibi ne a faɗi iyakar dokar tun kafin a tambaya, cewa a mahaɗar saiwa da ɗafi take aiki sosai, shi ya sa tilas ta zauna da t ɗinta.

Wasu malamai na ganin shirya amsa tun daga gida hadda ce da aka sauya wa riga. Suna da gaskiya idan an rubuta amsar jimla-jimla, domin wanda ya haddace sakin layi, da an katse shi a tsakiya sai ya koma farko. Saboda haka kada takardar ta ɗauki fiye da tambaya a gaba, a baya kuma kalmomi kaɗan na tuni da misali biyu. Tun da da Faransanci ake ba da darussa, a yi gwajin amsar da harshen da za a yi jarrabawar, misalan kuma su zauna da Hausarsu. Wanda bakinsa ya saba da "ya saya ma Abdu" maimakon "ya saya wa Abdu", kamar yawancinmu na yamma, ya ambaci karin harshen da yake kawo misali da shi tun a jimlar farko, kada a lissafa masa shi a kuskure.