"Wajen Shekara Kaza": Kalmar da Bai Kamata a Zubar Ba

A littattafan tarihi da aka rubuta da harsunan Turai, ana yawan ganin ƙaramin harafin "c." a gaban shekarar haihuwar wani mutumin dā. Harafin taƙaitawa ce ta wata kalmar Latin mai ma'anar "wajen" ko "kimanin". Idan aka zo kawo bayanin cikin Hausa, sau da yawa shi ake fara zubarwa, sai shekarar ta tsaya ƙyam kamar an ga takardar haihuwa. Wannan kuskure ne, domin "wajen" ikirari ne cewa lissafi aka yi, kuma ba duk lissafi ne ƙarfinsa ɗaya ba.

Misalin Sokratis, masanin falsafa na birnin Atina, ya isa ya nuna haka. Akan rubuta cewa ya rayu daga wajen 470 zuwa 399 kafin Miladiyya. Shekarar rasuwarsa ba ta ɗauke da "wajen", saboda mutanen Atina suna kiran kowace shekara da sunan babban jami'in da ya riƙe muƙami a cikinta, kuma an san jami'in da aka yanke wa Sokratis hukuncin kisa a zamaninsa. Haihuwarsa kuwa an cim mata ne ta bayan gida. Almajirinsa Aflatun ya nuna cewa yana da shekara saba'in lokacin shari'ar, sai aka ɗora saba'in a kan 399, aka sami 469. Da yake shekarar Atina tana kamawa ne a tsakiyar bazararsu, ta ratsa shekara biyu na kalandar yau, shi ya sa wasu ke rubuta 470 wasu 469. A nan ratar shakka ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba, muddin "saba'in" ɗin Aflatun ba ƙiyasi ne irin na dattawa ba.

Talis, mutumin Miletus, akan ce an haife shi wajen 624 kafin Miladiyya. A kan takarda, wannan "wajen" da na Sokratis kamar tagwaye suke, amma tushensu ya sha bamban. Hirodotus ya ruwaito cewa Talis ya yi hasashen wani husufin rana, wanda masana taurari suka danganta da na ranar 28 ga Mayu, 585 kafin Miladiyya. Marubutan tarihin Girka na baya, musamman Afolodoras, suna da al'adar ɗaukar fitaccen abin da mutum ya yi a matsayin ganiyarsa, su kuma ƙaddara cewa ganiyar ɗan Adam tana zuwa ne yana da shekara arba'in. Arba'in a kan 585 ita ta kai lissafi wajen 624 ko 625. Ke nan shekarar ba shaidar haihuwa ba ce, 'yar ƙa'ida ce da aka shimfiɗa wa kowa. In Talis yana da shekara hamsin da biyar ranar husufin, babu abin da zai tona asirin lissafin. Alamar da ke fallasa irin wannan shekara ita ce a tarar da tazarar arba'in cif tsakanin haihuwar mutum da babban aikinsa, ko tsakanin malami da almajirinsa.

Shi kansa ƙidayar "kafin Miladiyya" yana da nasa tarkon. Lambobi raguwa suke yi yayin da zamani ke matsowa, don haka 470 ta riga 399, kuma farkon ƙarni na 5 yana kusa da 500 ne, ba 400 ba. Sannan babu shekara ta sifiri: daga 1 kafin Miladiyya sai 1 Miladiyya. Sarkin Rum Agustas an haife shi a Satumbar 63 kafin Miladiyya, ya rasu a Agustan 14 Miladiyya. Mai gaggawa zai haɗa ya ce 77, alhali sai an cire ɗaya, kuma da yake bai kai watan haihuwarsa ba, yana da 75 ya rasu.

Manazarcin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan matsala. Shekarar 999 Miladiyya da ake ba Bagauda ta fito ne daga fassarar Tarihin Kano da Palmer ya wallafa a 1908, inda aka tara tsawon mulkin sarakuna aka ƙirga da baya. Shekara guda da ta ɓace a mulkin wani sarki na tsakiya takan gusar da duk waɗanda suka gabace shi. Duk da haka ana haddace 999 a ajujuwa ba tare da "wajen" ba, alhali ta fi kusa da 624 ta Talis a rauni fiye da 399 ta Sokratis.