Takardar da ba a tunawa da ita sai an watse zaman makoki

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda ta'asar 'yan bindiga ta bar gidaje da yawa ba magidanta, akan suturta mamaci a ranar da ya cika, kamar yadda addini ya koyar. Sai bayan an share makoki iyali ke gane cewa ɗaruruwan da suka sallaci gawar ba su isa shaida a gaban banki ba.

Mu ƙaddara malamin firamare ne a Faskari aka harbe a hanyar gona. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, da ajiya a wani banki a Funtuwa, da kuɗin fanshonsa. Da a asibiti ya rasu, likita zai rubuta takardar musabbabin mutuwa. Tunda a daji abin ya faru, sai ɗan'uwansa ya fara da rahoton 'yan sanda, ya karɓi wasiƙar dagaci ko hakimi, ya kuma yi rantsuwa a kotu kan rana da wurin rasuwar. Da waɗannan zai je wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ƙaramar hukumarsa, domin ita doka mai lamba 69 ta 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, ita ke ba da takardar shaidar mutuwa.

Amma takardar nan mabuɗin ƙofar farko ce kawai. Tana tabbatar da cewa mutum ya rasu, ba ta faɗin wanda zai gaje shi. Wanda mamaci ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ma ba shi ne magaji ba. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda Babbar Kotu ke bayarwa, ita kuwa kotun sai ta ga shaidar mutuwa. In kuɗin sun fito, alƙalin kotun Shari'a ya fitar da bashi da wasiyya, ya ba matan biyu tumuninsu, sauran kuma na 'ya'ya, in babu iyayen mamacin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. In takarda ta ce Mamman, banki kuwa Muhammad ya sani, sai an koma kotu an sake rantsuwa. Don haka a kwafi sunan harafi da harafi daga katin ɗan ƙasa na mamacin. Kada kuma a zari kuɗi da katinsa: dukiyar ta riga ta zama ta magada, har da marayun da ke goye.

Mafi wuya shi ne wanda aka sace, ba labari, ba gawa. Dokar Shaida ta 2011 tana ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin matacce in an shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba. Wanda aka ga gawarsa kuwa, a nemi takardarsa tun shaidun jana'iza ba su yi ƙaura ba.