Abin da Bagega ta koya mana

'Yan'uwana mata na Gummi, kun tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum? Cikin gidaje ake niƙa dutsen zinariya, yara na haɗiyar ƙurarsa. Likitocin agaji na MSF suka tona abin. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, alhali maganin ba ya amfani sai an kwashe.

Me ya jawo? Gwamnatin da ke jiran kason man fetur daga Abuja ba ta dogara da harajinku. Sai aiki ya zama ganima, a ɗauki ɗan gata a bar gwani. Ofishin da ba gwani, wa zai lura yara na mutuwa?

Ku tambayi kansilanku: wa ke duba lafiyar ƙauyenmu?