Kar mu mayar da maraicin yaro sunansa

Idan magidanci ya rasu, mun san yadda ake yi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a yi zaman makoki na kwana uku, a yi sadakar bakwai da ta arba'in inda aka saba. Matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, mata suna kewaye da ita. Ƙananan yara kuwa kowa ɗaukarsu yake yi yana lallashi. Wanda al'adarmu ba ta ware wa wuri ba shi ne ɗan shekara goma sha biyar. Ya wuce a rungume shi, bai kuma kai a zauna a yi shawara da shi ba. Shi ake aike ya ɗauko buta da kujeru, duk wanda ya wuce ya dafa kansa ya ce: "Sai haƙuri, yanzu kai ne uban gida."

Ra'ayina shi ne, matashi irin wannan ba yawan masu lallashi yake bukata ba. Yana bukatar babba guda ɗaya wanda zai riƙe masa sirri, ya kuma tambaye shi kafin ya yanke wani abu a kansa. Da kuskurena na koyi wannan.

Wata shekara mahaifin wani ɗalibina na ajin brebe ya rasu ana saura wata uku jarrabawa. Ranar da ya dawo lakwal, na tsayar da darasi, na sanar da aji, muka yi addu'a, na sa aka yi masa karo-karo. Aka tara jaka bakwai da ƴan kai, na miƙa masa a gaban kowa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, kansa a ƙasa. Washegari bai zo ba. Sai da ya yi mako guda ba mu gan shi ba.

Da na same shi a gida, bayan mun gaisa, abin da ya ce mini shi ne: "Mushe, a gida kowa kallona yake yi. Na ɗauka a lakwal zan huta." Nan na gane abin da na ɓata. Aji ne kaɗai wurin da ya rage masa inda yake yaro kamar kowa, ana tsokanarsa yana ramawa. Ni kuwa na kwaso zaman makoki na kawo masa har kan tebur. Jaka bakwai ɗin nan, a idonsa, kuɗin da aka sayi sunan "maraya" ne aka liƙa masa.

Da ya dawo sai na canza hanya. Na kira shi shi kaɗai bayan an tashi, na tambaye shi abu biyu: wa yake so ya san halin da gidansu yake ciki a cikin malamai, kuma yana so in riƙa tambayarsa lafiya ko in ƙyale shi. Ya ce darakta kaɗai, kuma in ƙyale shi. Na ce to, amma kowace Laraba bayan an tashi ina zama a aji ina gyaran takardu, in ya ga dama ya zo. Ban ce masa "in kana da wata bukata ka faɗa mini" ba, domin yaron da aka rene shi da kunya ba zai taɓa zuwa ya faɗa ba. Rana da wuri na ba shi, zaɓi kuma ya rage nasa.

Laraba biyu bai zo ba. Ta uku ya zo da lissafin da bai gane ba, muka yi lissafi, bai ambaci mahaifinsa ba, ni ma ban ambata ba. A ta biyar ne, yana haɗa littattafansa, ya ce baffansa zai sayar da babur ɗin mahaifinsa, kuma ba wanda ya tambaye shi. Ba kuɗin ne damuwarsa ba. A kan babur ɗin nan aka riƙa kawo shi lakwal tun yana ƙarami. Na tambaye shi ko in yi wa baffan magana. Ya ce a'a, shi zai yi, in dai gaya masa yadda zai fara. Babur dai an sayar, don gidan yana bukatar hatsi, amma an zauna da shi kafin a sayar, aka kuma bar masa salular mahaifin. Wannan zaman da aka yi da shi ya fi masa karo-karona amfani nesa ba kusa ba.

Na san za a ce wannan ba tarbiyyarmu ba ce, ɗa na kowa ne, kuma barin yaro da shirunsa sakaci ne. Akwai gaskiya a ciki: dangi da maƙwabta su ne suke riƙe marayu a ƙasar nan, ba wata hukuma ba. Amma kula da yaro daban, binciken yaro daban. Gwaggon da take buɗe salularsa, ko kawun da yake kai duk abin da yaron ya faɗa masa gaban taron dangi, sun koya masa ya yi shiru ne kawai. Addini ma bai ce a riƙe maraya kamar jariri har abada ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an umarci masu riƙo su riƙa jarraba hankalin marayu, in sun kai munzalin aure aka ga shiriya tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Ta yaya za a jarraba hankalin wanda ba a taɓa neman ra'ayinsa ba?

Haka nan mu daina ce wa saurayi namiji ba ya kuka. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. In kuma ka gan shi a fada ana shan shayi yana dariya mako biyu bayan rasuwa, kar ka ce bai damu ba. Baƙin cikin matasa zuwa yake yi yana tafiya, kuma sau da yawa abokansa ne suka san abin da mu manya ba mu sani ba.

Sai dai riƙe sirri yana da iyaka, kuma gara yaron ya san iyakar tun farko. In makonni suka wuce ba ya ci ba ya barci, ko ya yanke hulɗa da abokansa gaba ɗaya, ko aka ga alamar ya fara shan tiramol, to shiru ya daina zama girmamawa. In kuwa ya ce gara ya bi mahaifinsa, ko ya gaji da rayuwa, ba a jira wata Laraba. A ranar za a sanar da mahaifiyarsa ko wani babban da ya yarda da shi, a kai shi asibiti, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Ko a nan ma, gaya masa a fuska: "Wannan ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Wa kake so mu fara gaya wa?" Kar ya ji labarinsa a bakin wani.

Tun daga wannan shekarar, duk ɗalibin da aka yi wa rasuwa, gida nake zuwa in yi ta'aziyya kamar kowa. Ranar da ya dawo aji kuwa, in kira sunansa a rajista, ya amsa, in wuce zuwa na gaba. Sauran magana sai mun rage mu biyu, in ya so. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe amanar ƴaƴan da suka bari.