Takarda biyu ta gagare ku, sai ku huce a kan yaro

Duk lokacin jarrabawar ƙarshen zango, wasu makarantun sakandare a nan Gaya sukan maimaita sakaci iri ɗaya. Sai da safiyar ranar ake manna jerin sunaye a ƙofar aji, yara su yi ta turereniya, kowa ya zauna kusa da abokinsa. Daga baya a kama biyu da amsa iri ɗaya, a kira iyaye, a yi ta huɗuba kan lalacewar tarbiyya. To wa ya zaunar da su a benci ɗaya? Wanda ya ajiye nama gaban kura ba shi da bakin zaginta.

Ga lissafin, ba wuya. A ce aji huɗu ne, daga siziyam zuwa turaziyam, kowanne da ɗalibi 60, kowane ɗaki da benci 20 mai cin mutum uku. Kowane ɗaki ya ɗauki yara 15 daga kowane aji. A zaunar da su bi da bi: siziyam, sankiyam, katiriyam, turaziyam, a sake komawa farko, ana bin benci daga gaba zuwa baya, ba tare da an tsaya a ƙarshen benci ba. Tun da azuzuwa huɗu ne, kujeru uku, na gefenka da na bayanka duk ba ƴan ajinku ba ne. Sharaɗi ɗaya: a haɗa darussa masu tsawon lokaci ɗaya, kada ƙanana su gama su tashi manya na tsakiyar rubutu. A rubuta lamba kan benci da alli, a manna jerin kwana biyu kafin ranar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar halarta. Mai gadin ɗaki ya miƙa ta ta zagaya hannu-hannu, wani ya sa wa wanda bai zo ba hannu. Ranar da takardar amsar yaro ta ɓace, a ɗora masa sifili, ba shi da shaidar ya zauna. Wannan zalunci ne.

Kowane ɗaki, kowane darasi, da takardarsa: lambar zama, suna da sunan uba, aji, sa hannu biyu, na shiga da na miƙa amsa. Malami ne zai zagaya da ita. In 57 suka zo, a rubuta sunayen ukun da ba su zo ba, a ƙirga takardu 57 aji-aji kafin kowa ya fita. In an samu 56, a nan take za a gane ta wa ce babu.

A BEPC lamba da katin shaida ake bi. Shugabannin makarantu sun san tsarin sarai. Wanda ya ƙi yin sa a makarantarsa, shi ya kamata a fara tuhuma, ba ɗan shekara goma sha uku ba.