Canza DNS ba ya ƙara ƙarfin netwok: a gwada kafin a taɓa saitin

Akwai shawarar da ke yawo a zaurukan WhatsApp da bidiyoyin TikTok, wai da zarar mutum ya sa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 a wayarsa, intanet ɗinsa zai koma gudu. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, amma matsala ɗaya tak take magancewa. Wanda ya bi ta ba tare da gwaji ba, tamkar mai shan magani ne bai san cutarsa ba.

Aikin DNS shi ne mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshin da na'ura ke ganewa. Kafin burauza ta buɗe shafi, sai ta fara tambayar sabar DNS ina shafin yake. Galibi kamfanin da ke sayar da data ne ke ba da wannan saba kai tsaye. Idan tana da lafiya, amsa na zuwa kafin ƙiftawar ido. Idan ta yi nauyi ko ta faɗi, sai shafi ya tsaya fari fat, ko Chrome ta nuna saƙon da ya fara da DNS_PROBE_FINISHED, alhali sandunan netwok a cike suke. Amma da zarar an samu adireshin, DNS ya gama nasa. Saurin sauke fayil ko kallon bidiyo ya rataya ne ga ƙarfin layi da cunkoson masu amfani da shi.

A ɗauki misalin mai shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajista, wanda kwamfutocinsa ke kan rauta ɗaya. Shafuka suna ƙin buɗewa sai an sake lodawa sau biyu ko uku. Umarni uku a Command Prompt na Windows sun isa su nuna inda gizo ke saƙar:

```
ping 1.1.1.1
nslookup ha.wikipedia.org
nslookup ha.wikipedia.org 1.1.1.1
```

Na farko yana gwada layin ne ba tare da DNS ba. Na biyu yana tambayar sabar da rauta ke amfani da ita yanzu, na uku kuma yana tambayar ta Cloudflare. Idan na farko ya amsa, na biyu ya ce `DNS request timed out`, na uku kuma ya kawo adireshi nan take, to laifin na DNS ne, canji zai yi amfani. Idan duka ukun suka gaza, layin ne ya yanke. Idan kuwa duka suka amsa amma bidiyo na tsayawa, matsalar cunkoso ce ko raunin sigina, kuma babu lambar da za ta gyara hakan.

Mai shagon da ya tabbatar DNS ne, gara ya canza a rauta, domin duk na'urorin shagon su amfana lokaci guda. Zai shiga shafin saitinta ta adireshin da ke rubuce a jikinta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ya nemi wurin DNS a ƙarƙashin DHCP ko WAN. Sai ya fara rubuta tsofaffin lambobin a takarda, sannan ya sa 1.1.1.1 a gurbin farko da 1.0.0.1 a na biyu, ko kuma 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google. Daga nan ya sake kunna rautar, ya maimaita gwajin. Wasu ƙananan rautoci na aljihu ba su da wannan gurbi, don haka sai a canza a kowace na'ura.

Mai wayar Android 9 zuwa sama yana da Private DNS a cikin saitin netwok. A nan suna ake rubutawa, ba lamba ba: `dns.google` ko `one.one.one.one`. Wannan na aiki a kan data da waifai duka, kuma yana ɓoye tambayoyin daga masu leƙe a hanya. Sai dai yana bi ta ƙofa mai lamba 853, wadda wasu ofisoshi da otal-otal ke toshewa. A irin wannan wuri wayar za ta zama kamar ba ta da intanet gaba ɗaya, har sai an mayar da saitin kan Automatic.

Akwai kuma batun amana. Duk sabar da aka zaɓa tana ganin sunan kowane shafi da aka nema, kuma ta mugu za ta iya tura mai neman shafin bankinsa zuwa na jabu. Saboda haka lambar da aka tsinta a wani zaure, ba a san mai ita ba, ba ta da gurbi a rautar da ake hada-hadar kuɗi a kanta.

Gwajin nan bai fi minti biyu ba. Wanda ya yi shi zai san ko saitin zai canza, ko kuwa kamfanin da ya sayar masa da data zai kira ya yi ƙorafi.