Kwaɗon shafin intanet ba shaidar gaskiya ba ne

Ana yawan gaya wa yara a lakwal cewa in sun ga alamar kwaɗo a gefen adireshin shafin intanet, to shafin amintacce ne. Ni ina ganin ya kamata malamai da iyaye mu gyara wannan darasi, domin rabin gaskiya ne.

Abu biyu kwaɗon yake tabbatarwa. Na farko, abin da ka rubuta yana tafiya a ɓoye tsakanin wayarka da shafin, ta yadda wanda kuke kan Wi-Fi ɗaya da shi ba zai karanta lambar sirrinka ba, ba zai kuma sauya saƙon a hanya ba. Na biyu, kana magana ne da wanda ke riƙe da sunan da ke rubuce a adireshin. Iyakarsa ke nan.

Bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Takardar shaidar da ke sa kwaɗon ya bayyana, mafi yawanta ana bayar da ita ga duk wanda ya nuna cewa sunan shafin a hannunsa yake, ba tare da an tambayi ko shi wane ne ba. Tun 2015 Let's Encrypt ke bayar da irinta kyauta cikin mintoci. Wannan ya kare shafuka masu yawa, amma ɗan damfara ma yana samu. A 2023 Chrome ya sauya alamar kwaɗon da wata daban, saboda mutane suna ɗaukarta shaidar amana.

A ce lokacin sakamakon BEPC ya yi, sai a turo wa uba wannan adireshi ta WhatsApp, a ce ya biya jika biyu ya ga sunan ɗansa:

```
https://gouv.ne.example.com/resultats
```

Kwaɗo na nan, kuma ido ya ga gouv.ne, sunan da shafukan gwamnatin Nijar ke ƙarewa da shi. Amma ga yadda ake karantawa: a tsallake https://, a nemi karkataccen layi na farko da ya biyo, sannan a dubi abin da ke dab da shi ta hagu. A nan example.com ne, kuma shi ne mai gidan. Duk abin da ya gabace shi, mai gidan ne ya rubuta son ransa. Kuɗin za su isa hannun ɓarawo lafiya lau, ba wanda ya leƙa su a hanya.

Gargaɗin rashin tsaro kuwa na gaske ne. In waya ta nuna «Non sécurisé», kada a rubuta lambar sirri ko ta asusun kuɗi.

Don haka mu koya wa yara duba abu biyu a jere: kwaɗo ko alamar da ta maye gurbinsa tukuna, sannan sunan da ke gaban karkataccen layi. In shafin biyan kuɗi ne, su rubuta adireshin da hannunsu daga takardar lakwal, kada su latsa wanda aka turo.